Tunda na fara diyaliz sha'awa ta tafi, gaba ma baya tashi

Assalamu alaikum Dokta. Ni ɗan kasuwa ne a nan Garwa, shekarata 44, matana biyu, uwargida yara biyar, amarya shekara biyu da aure bata haihu ba tukuna. Hawan jini ne ya cinye min ƙoda, wata 14 kenan ina diyaliz, wato wankin ƙoda da inji, Talata da Juma'a, duk zuwa sai an cire min ruwa kilo huɗu da rabi, ni kuma kilona 62. Wallahi Dokta sha'awar ma ta tafi, in na matsa wa kaina kuma gaban baya tashi, ko ya tashi ya kwanta kafin a je ko'ina, da asuba ma sai jefi-jefi. Jinina a awon ƙarshe 7.8, ina shan amlodipine da atenolol da Aldomet. Dangin amarya sun fara cewa uwargida ce ta ɗaure ni, gida ba daɗi. Wani abokina ya kawo min gorar maganin maza yace in haɗa da kunun aya mai dabino. Kunya ta hana ni tambayar likitanmu. Injin nan ne ya kashe ni? Akwai mafita?

Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne.

Kafin komai, dan Allah gorar nan kada ka buɗe ta, kunun ayan ma kada a dama maka. Na fara da wannan ne saboda sauran maganar zata iya jiran sati ɗaya ko biyu, wannan kuwa bata jira. Dabino da aya da kwakwa da ayaba, duk haɗin da muka taso muna ji ana cewa abincin maza ne, cike suke da wani gishiri da ake kira fotasiyom, wanda zaka gani an rubuta K a takardar awonka. Mai lafiyayyar ƙoda ya sha kofi uku ya fitsarar da rarar, kai kuwa babu mai fitar maka da shi sai inji, kuma daga Juma'a zuwa Talata kwana huɗu ne cur yana taruwa. In ya wuce 5.5 an fara damuwa, in ya kai 6.5 zuciya tana iya tsayawa ba sallama. Wani yakan ji ƙafafunsa sun yi nauyi kamar ba nasa ba, ko bakinsa yana masa yam-yam, ko bugun zuciya ya ragu, wani kuma baya jin komai sai dai a wayi gari babu shi. In ka taɓa jin irin wannan, musamman Lahadi ko Litinin, asibiti zaka nufa a lokacin, ba sai ranar seyans ɗin wanki ba. Ita kuma gorar, ni da kai da abokinka babu wanda ya san me ke ciki. Wasu da jar kanwa ake haɗa su, gishiri ne zalla mai tayar da tansiyo da ƙishirwa, wasu kuma ƙwayoyin bature ake dakawa a zuba ba awo ace gargajiya ne. Tramol da samari ke sha wai don a daɗe, shi ma rage ƙarfin namiji yake in an saba da shi, kuma yana taruwa a jikin mai ciwon ƙoda har ya kawo jijjiga. Abokinka alheri ya nufa, ka gode masa, ka ajiye gorar inda yara baza su kai ba ko ka zubar.

To yanzu mu zo kan maganar. Babu wanda ya ɗaure ka Alhaji, ba basir bane, ba sanyi bane. Cikin maza goma masu ciwon ƙoda mai nisa, kusan bakwai suna fama da abin nan da ka rubuto, kenan ranar Talata in ka duba gadajen da ke gefenka hagu da dama, yawancinsu irin damuwarka ce a ransu, kowa yayi shiru yana zaton shi kaɗai ne. Ina roƙonka ka wanke uwargida daga wannan zargi da bakinka, a gaban waɗanda suka faɗa, don zargin nan zalunci ne kuma zai iya rusa maka gida alhali ciwon a jininka yake. Injin ma ba shi ya kawo ba. Ciwon ƙodar ne ya kawo, tun kafin a fara maka wanki, in ka yi tunani da kyau zaka tuna abin ya fara ja da baya tun lokacin da ƙafa ta fara kumburi. Inji yana rage dattin ne, sai dai awa huɗu sau biyu a sati baza su yi aikin da ƙoda ke yi dare da rana ba, kuma akwai ayyukan ƙoda da inji baya yi ko kaɗan, irin su haɗa jini.

Abin da nake so ka riƙe shine matsala biyu ce a tare da kai, ba ɗaya ba. Sha'awa daban, tashin gaba daban. Sha'awa daga ƙwaƙwalwa take da sinadarin maza da kuma ƙarfin jiki gaba ɗaya. Tashi kuwa aikin jijiyoyin jini ne, su buɗe jini ya cika gaba ya tsaya a ciki. Yawancin mutane ƙwayar tashi suke rugawa su saya, kuma ƙwayar nan bata kawo sha'awa ko ɗigo, in babu sha'awar sai a sha a kwanta a tashi babu abin da ya faru, mutum yace shikenan tawa ta ƙare, alhali ta ƙarshe ya fara. Shi yasa zan bi da kai a jere, kuma zaka ga ƙwayar sai can ƙasa zata zo.

Jini ne na farko, kuma in da abu ɗaya za'a ce in gyara a takardarka to wannan 7.8 ɗin ne. Lafiyayyen namiji 13 ne zuwa sama. Kai kana yawo da kusan rabi da ɗan ɗoriya, zuciyarka tana gudu don ta kai iska ko'ina da ɗan abin da ya rage, to jikin da hawa moto ya sauka ma sai ya huta, ta yaya zai nemi iyali? Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya haɗa jini, data mutu sai umarnin ya tsaya, ga kuma ɗan jinin da ke saura a tiyo da matatar inji duk seyans, ga na awo. Maganin shine allurar EPO, wadda ake yi a ƙarshen seyans ko a ƙarƙashin fata, amma bata aiki in babu ƙarfe a jiki, kamar ka kawo magina ne babu bulo. Saboda haka kafin ka kashe kuɗi a kanta ka roƙa a auna maka ƙarfen, a takarda ana rubuta ferritine da CST. In CST ɗin yana ƙasa da kashi 20 to ƙarfe ya yi ƙaranci, kuma ga mai diyaliz na jijiya da ake sawa ta inji ya fi na haɗiya nesa ba kusa ba, don hanjinsa baya tsotsar na ƙwaya sosai. Inda ake son kai ka tsakanin 10 ne zuwa 11.5, ba 13 ba, in an tura shi sama da allura jini yana kauri ya toshe fistil, wato jijiyar hannun da ake haɗa ka da inji, ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Kuma a hankali yake hawa, kamar ɗaya zuwa biyu a wata, kenan daga inda kake wata biyu zuwa uku ne. Na sha ganin wanda jininsa ya tashi daga bakwai zuwa goma ya zo yana murmushi yace Dokta abin ya fara dawowa, ba tare da an bashi komai na maza ba.

Na san EPO da tsada, kuma sai firij, ga wutarmu yadda take. Tun 2023 da aka mayar da kuɗin seyans sefa 15,000 a shekara an samu sauƙi babba, amma kai ka fi ni sanin abin da awo da ordonans ke ci. Duk da haka in za'a zaɓa, kuɗin da zai tafi wajen masu gora gara ya tafi nan. Ledar jini tana ɗaga mutum sati biyu uku ne ya koma, kuma yawan ƙarin jini yana sa jiki ya ƙi ƙodar wani in wata rana an zo dashe. Malta da madara da tumatirin gwangwani da mata ke haɗa wa mai ƙarancin jini, wannan ba naka bane, fotasiyom ne da ruwa kawai zasu ƙara maka.

Sai kilo huɗu da rabin nan. Bari mu yi lissafi tare. Abin da jiki ke iya ɗauka ba tare da ya jigata ba bai wuce mililita 13 a kowane kilo na nauyinka a awa ɗaya ba. Kilo 62 sau 13 sau awa huɗu, ya kama lita uku da ɗan ɗoriya. Kai ana cire maka huɗu da rabi. Shi yasa nake kyautata zaton wajen awa ta uku tansiyonka yana faɗuwa, ƙafa tana ɗaurewa, ka sauko daga gado kamar an yi maka duka, ka kwana ka wuni baka dawo daidai ba. Kafin ka farfaɗo kuma ruwa ya sake taruwa, numfashi ya fara nauyi. To ina ranar da ta rage wa iyali? Ba laifin masu inji bane, abin da ka kawo dole su cire. Gyaran yana gida, kuma ba a kofin ruwa yake farawa ba, a gishiri yake farawa. Magi da gishiri da yajin suya da kilishi da kifi busasshe da sardin, su ke kiran ƙishirwa, in ka rage su ruwan da kansa zai ragu. Ƙa'idar ruwa rabin lita ne a yini a haɗa da gwargwadon fitsarin da kake yi, kuma shayi da kunu da koko da romo duk a ciki suke. Na san zafin Garwa a watan uku da watan huɗu, mai lafiya ma kuka yake, to ka riƙa tsotsar ƙanƙara 'yar ƙarama, ka kurkure baki ka zubar, ka sha a ƙaramin kofin shayi ba a moɗa ba. In ka iya dawo da shi kilo biyu da rabi zuwa uku zaka ga bambanci cikin sati biyu. Kuma kada ka yarda a rage maka awa huɗun nan don sauri zuwa kasuwa, kada ka tsallake seyans.

Wannan ne ma ya kawo mu maganar lokaci. Ranar wanki da dare jiki a wanke yake amma a gajiye, tansiyo a ƙasa. Litinin da Alhamis jiki ya cika da ruwa da datti. Ranakunka masu kyau Laraba ne da Asabar, wataƙila da Lahadi da safe, kuma safiya ta fi dare don sinadarin maza da safe ya fi yawa a jini. Mu mun saba sai an gama hira an kashe fitila, to mai diyaliz a lokacin ya gama ƙarewa. Bayan asuba ko da hantsi in yara sun tafi makaranta ya fi maka.

Na uku magungunan da kake sha. Amlodipine ba kasafai yake taɓa wannan fannin ba. Sauran biyun kuwa an san su. Aldomet yana kashe sha'awa, yana sa kasala da gyangyaɗi, yana kuma ɗaga wani sinadari da zan yi maganarsa yanzu. Atenolol shi ma yana raunana tashi a wasu mazan, kuma ƙoda ce ke fitar da shi, kenan tsakanin seyans da seyans yana zama a jikinka fiye da na sauran mutane. Amma ka ji ni da kyau Alhaji, kada ka daina ko ɗaya da kanka. Atenolol in an yanke shi farat ɗaya zuciya tana iya rikicewa, tansiyo yayi tsalle, mu samu matsalar da ta fi wannan. Likitan ƙoda ne zai duba ko za'a sauke Aldomet a hankali, ko a musanya atenolol da wani ɗan gidansu da ya fi sauƙi, ko a kawo irin su losartan in fotasiyom ɗinka ya bada dama. Kuma sau da yawa in ruwan jiki ya ragu tansiyon da kansa yake sauka har a cire ƙwaya ɗaya, kaga maganar gishirin ta sake dawowa. In kana shan wani abu na amai ko na olsa ko na barci da baka rubuto ba, shi ma ka kai kwalin a gani.

Na huɗu sinadaran jiki. Ciwon ƙoda yana rage aikin 'ya'yan maraina, sai testosteron, wato sinadarin maza, yayi ƙasa. A lokaci guda wani mai suna furolaktin, wanda aikinsa a mace kawo nono ne, yana taruwa saboda ƙoda ce ke rage shi, shi kuma yana ƙara danne na mazan. Wanda sha'awarsa ta tafi gaba ɗaya kuma tashin asuba ya ragu, ya cancanci a auna masa su biyun, a takarda testostérone totale da prolactine. Ka tambaya a Centre Pasteur na nan Garwa ko wani babban labo. Sharaɗin shine a ɗebi jinin da safe kafin ƙarfe goma, baka ci komai ba, in na yamma ne sakamakon zai fito ƙasa ko ga mai lafiya. In ya fito ƙasa da 3 ng/ml a sake wata rana a tabbatar, awo ɗaya baya yanke hukunci.

Nan ne nake so ka buɗe kunne saboda amarya. In an ga ya yi ƙasa wani zai ce maka ai allurarsa ake yi, har a kasuwa ana samu. Allurar testosteron tana iya dawo da sha'awa, gaskiya ne, amma tana tsayar da haɗa ƙwayoyin haihuwa a maniyyi, wani har ya koma babu ko ɗaya muddin yana kanta, kuma dama ciwon ƙodar ya rage su. Ga wanda ke neman haihuwa wannan ba ƙaramin abu bane, za'a gyara ɗaki a rushe zaure. Ban da haka tana riƙe ruwa a jiki, tana iya ɗaga tansiyo, kuma sai an duba furostat, wato ƙullun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kafin a fara. To in ta kai ga haka ka faɗa wa likita ƙarara cewa kana son haihuwa, a yi maka awon maniyyi tukuna, ya san hanyar da zai bi. Kuma rashin haihuwar nan kada a ɗora wa yarinyar mutane kafin a duba ka. Masu diyaliz suna haihuwa, yana da wuya fiye da da amma yana faruwa.

Sai yanzu muka zo kan ƙwaya. Sildenafil, wadda aka fi sani da Viagra, tana aiki ga masu diyaliz da yawa, kuma ba haramun bace gare su in likita ya duba ya yarda. Abin da zai fara dubawa zuciya ce. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, shi yasa hawan jinin da ya ci ƙoda in ya fara toshe jijiyoyi a gaba ake fara gani, kenan wannan matsalar taka dalili ce na a yi maka awon zuciya ko da baka jin komai. Gwajin gida mai sauƙi shine, kana iya hawa bene hawa biyu ba tare da ƙirji ya riƙe ko numfashi ya yanke ba? In baka iyawa to ba lokacin ƙwaya bane, a gyara jini da ruwa tukun. Wanda ke shan maganin ciwon ƙirji irin Risordan ko wanda ake fesawa a ƙarƙashin harshe irin Natispray, shi da sildenafil har abada basa haɗuwa, tansiyo zai faɗi ƙasa warwas. Haka wanda tansiyonsa ke ƙasa da 9 da 5, ko wanda ya samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a watanni shidan da suka wuce.

In an baka izini, da 25 mg ake farawa, ba 100 da ake sayarwa a tebur ba, don jikin mai ciwon ƙoda baya fitar da ita da wuri. A farmasi zaka saya da ordonans. Ka sha awa ɗaya kafin lokaci, ba bayan ka cika ciki da abinci mai maiƙo ba don maiƙo yana jinkirta ta, sau ɗaya tak a yini, kuma ba ranar wanki ba. Na taɓa ganin wani bawan Allah da ya sha babbar a daren da aka cire masa ruwa, ya tashi zai shiga bayi jiri ya kwashe shi, da safe ya taɓa hannunsa yaji fistil ta daina kaɗawa, jini ya daskare a ciki saboda faɗuwar tansiyo. Sai da aka koma sa masa tiyo a wuya. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don tambaya ɗaya da ya yi mana da ba'a kai nan ba. Kuma ƙwayar bata tayar da gaba ita kaɗai, sai an yi wasa an natsu kamar yadda aka saba, ita dai tana taimakon jijiyar ta buɗe ne. Kada ka yanke mata hukunci a karon farko, ranar tsoro ya fi yawa, sai an gwada kamar sau shida a ranaku daban-daban kafin ace bata yi ba, sannan likita ya duba ko zai ƙara zuwa 50. Ɗan ciwon kai da toshewar hanci da jin zafi a fuska ba abin tsoro bane. Amma in gani ya dushe farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, ko gaba ya tashi ya ƙi kwanciya har awa huɗu, asibiti kai tsaye, kuma ka faɗa musu abin da ka sha da lokacin da ka sha, kar kunya ta sa su baka maganin da zai yi karo da ita. Akwai 'yar uwarta tadalafil da ke kai awa 36 a jiki, wannan ga mai diyaliz ta fi taruwa, kar ka karɓa daga hannun kowa. In ƙwaya ta gaza duk da an gyara sauran, akwai famfo na musamman da kuma allurar da ake yi a gaban, wannan aikin likitan mafitsara ne.

Saura abin da awo baya nunawa. Namijin da ya gwada sau biyu uku abin ya ƙi, karo na huɗu da fargaba yake shiga ɗaki, ita kuma fargaba da kanta tana matse jijiyar da ake so ta buɗe. Daga nan sai ya fara daɗewa a waje har sai ta yi barci, ko ya juya baya, ita kuma ta ɗauka an daina sonta ko wata ce ta shiga tsakani, kaga inda maganar asiri ke samun ƙofa. Tunda da asuba yana ɗan motsawa ko da jefi-jefi ne, wannan alama ce mai kyau, hanyar bata mutu ba. Ka zaunar da kowacce a ɗakinta ka faɗa mata gaskiya, ciwon nan ne, likita yace akwai gyara amma sai an ɗauki watanni. Ka ci gaba da raba kwana yadda ka saba, ka kwana a ɗakin mai girki ko babu abin da zai faru, hira da taɓa juna da wasa duk suna cikin haƙƙin aure, kuma ku yarda tun farko cewa na ɗan lokaci ba sai an kai ƙarshe ba, in aka cire wannan nauyin sau da yawa abin da kansa yake zuwa. Tunda ranakun ƙarfinka ƙididdigaggu ne, ka lura kar su riƙa faɗawa ɗaki ɗaya kullum, ku daidaita da yardarsu su biyun. In kuma ka ga ba wannan kaɗai ba, kasuwar ma ta fita ranka, barci ya ƙi, abinci ba daɗi, kana jin gara ka daina zuwa wankin, to wannan ciwon damuwa ne, yana yawan kama masu diyaliz kuma yana da magani, ka faɗa.

Su ma matan suna da nasu tsoron da baza su furta ba, wata tana ganin in an kusance ta zaka mutu a hannunta, wata tana tsoron ɗaukar ciwon. Ciwon ƙoda ba'a ɗaukarsa ta kwanciya. Abin da ake ɗauka shine ciwon hanta irin hefatit B, wanda dama ana auna muku shi a wajen wanki, to su biyun su je a auna su, wadda bata da shi a yi mata rigakafi. Hannun fistil kuma kar ka dogara a kansa, kar a kwanta a kai, kar a matse shi, ka zaɓi kwanciyar da bata sa ka ɗaukar nauyin jikinka, ta gefe ko kai a ƙasa, wannan ma ya fi sauƙi ga numfashi.

Dashen ƙoda shine abin da ya fi dawo da sinadarai da haihuwa kusa da yadda suke, kuma tun 2021 an fara yinsa a Babban Asibitin Yawunde. Ba kowa ya dace da shi ba, ga neman mai bayarwa ga magani na kullum, amma a shekarunka ya kamata ka tambaya.

Ranar Juma'a kada ka yi maganar a kan gado mutane na ji. Ka ce wa majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, kana son ganin likita a ofis minti goma, ko in bakinka yayi nauyi ka rubuta a takarda ka sa cikin karne ka miƙa masa, wallahi ba kai ne na farko ba a wannan satin ma. Ka tafi da duk kwalayen magungunanka a leda, da takardun awon wata ukun nan, ka roƙi awon ƙarfe da na sinadaran nan biyu da na zuciya, kuma a sake duba ko 62 ɗin nan har yanzu shine nauyinka na gaskiya in babu ruwa, don wanda ya rame ko ya ƙara jiki lissafin yana canzawa. In sakamako ya fito ka sake rubuto min lambobin, da kilon da kake kaiwa seyans bayan an rage gishirin, mu ga inda aka kwana. Ka gaida mutan gidan, Allah ya baka lafiya.